Fituyitari: gudda ɗaya ce ko biyu aka ɗinke? Ina da jarrabawa ranar Lahadi

Ummi_Jidda:
Assalamu alaikum. Don Allah masu histoloji a kawo mini ɗauki, ranar Lahadi muke da jarrabawar ɗakin gwaji. Jiya aka ɗora mana gilashin fituyitari a maikiroskof, na leƙa sai na ga kamar zannuwa biyu aka ɗinke. Gefe ɗaya cike yake maƙil da ƙwayoyi masu launi, ja da shunayya kamar atamfa. Ɗaya gefen kuma ya koɗe, zare-zare ne kawai da ɗan ɗigo nan da can. Na ɗaga hannu na ce wa malamar ina jin an yi kuskure, an haɗa mana da guntun ƙwaƙwalwa. Ta yi dariya ta ce na kusa gaskiya, ta wuce abinta. Kafin mu fita kuma ta bar mana tambaya: idan aka datse karan da ya haɗa fituyitari da haifotalamas, wato sashen gindin ƙwaƙwalwa da ke samanta, wane homon ne zai hau, wane ne zai sauka, kuma don me? Ni dai a ganina duka za su sauka tunda an yanke hanya. Me take nufi da na kusa gaskiya?

Sadiku_Riyad:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata wannan ai ruwa ne. Ɓangaren gaba yana yin homon shida: GH, furolaktin, ACTH, TSH, FSH, LH. Ɓangaren baya yana yin biyu, ADH mai sa ƙoda riƙe ruwa da oksitosin mai sa nono ya zubo. Haifotalamas shi ne oga, in an yanke karan babu mai ba da umarni, duka takwas ɗin su faɗi. Rubuta haka ki karɓi makinki.

Maman_Walid:
Ku yi haƙuri ni ba 'yar makaranta ba ce, 'yata ce ta saka ni a nan. Wannan guddar da kuke magana ita ce ta wuya? Don ni shekara huɗu ke nan ina shan ƙwayar gudda kullum da asuba kafin karin kumallo.

Nas_Binta_Ɗaif:
A'a Maman Walid, taki tayirod ce, ta wuya. A nan Saudiyya in an ce wance tana da gudda ita ake nufi, shi ya sa kika ɗauka. Wannan kuwa a cikin kai take, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ita ce Larabawa ke ce wa gudda nukamiyya. Amma suna da alaƙa, ta kan ce ke aika wa ta wuyan saƙo. TSH ɗin da ake auna miki duk bayan 'yan watanni daga can yake fitowa.

Dakta_MaiWurno:
Ummi 'yata, kada ki rubuta abin da Sadiku ya ba ki, za ki yi asarar rabin maki. Jerin shidan nan nasa daidai ne. Sauran biyun da amsar tambayar ne suka karkace.

Idonki bai yaudare ki ba. Abin da kika gani a gefen da ya koɗe guntun ƙwaƙwalwa ne da gaske, sai dai ba kuskuren mai yanka ba ne, haka Allah ya halicce ta. Tun ɗan tayi yana da kamar mako huɗu a ciki, wani ɗan aljihu yake tasowa daga rufin abin da zai zama baki, ya miƙe sama. Shi ake kira aljihun Rathke. A lokaci guda kuma gindin ƙwaƙwalwa yake zuro wani ɗan tsiro zuwa ƙasa. Su haɗu a tsakiya su rungumi juna. Aljihun ya tsinke daga bakin gaba ɗaya, ya zama ɓangaren gaba, wanda shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na guddar. Tsiron kuwa bai taɓa rabuwa da uwarsa ba, ya zama ɓangaren baya, kuma wuyansa ne karan da malamarku take magana a kai.

Saboda haka ɗaya dangin fatar baki ne, ɗaya kuma laka ce. Gida ɗaya suke haya kawai, ba uwa ɗaya ta haife su ba. Kuma gidan ma ɗan ƙarami ne, duka guddar ba ta wuce rabin giram da ɗan wani abu ba, kamar ƙwayar gujjiya, tana zaune a wani ɗan kwarmi na ƙashin gindin kai da ake kira sirdin Turkawa. In kika samu ƙoƙon kai a ɗakin anatomi ki sa ɗan yatsa a wurin, za ki ji gaba da baya sun ɗaga kamar sirdin doki.

Sadiku_Riyad:
Allah ya ƙara girma Dakta, na yarda da asalin. Amma ina kuskurena a biyun? Kowane littafi ya ce homon ɗin ɓangaren baya su ne ADH da oksitosin.

Dakta_MaiWurno:
Daga can suke fita, ba a can ake yin su ba. Ka san shagunan kayan gida da ke Jidda, inda za ka samu yaji da kuka da daddawa. A shagon ka saya, amma ba a nan aka daka ba. Ɓangaren baya sito ne. Masana'antar tana sama cikin haifotalamas, a wasu tarin manyan ƙwayoyin jijiya guda biyu, sufura'oftik da farabentirikula. Kowace ƙwaya ta haɗa homon ɗin a jikinta, ta ƙunshe shi, ta turo shi ta cikin dogon zarenta ya bi ta karan har ya iso ƙasa. Can yake kwanciya a ajiye. In jini ya yi kauri saboda ƙishirwa, ko jariri ya kama mama, saƙo ya sauko ta wannan zaren dai, a sake shi cikin jini.

Wannan shi ne zare-zaren da Ummi ta gani. Ba su da rigar mai ɗin nan da ke lulluɓe wasu jijiyoyin, shi ya sa suke fita a koɗe.

Ummi_Jidda:
To Baba Dakta, ɗigon da nake gani a ciki fa? Ni na ɗauka su ne cibiyoyin ƙwayoyin jijiyar. Har na zana su haka a littafina.

Auwalu_Lab:
Goge zanen nan tun wuri. Ni aikina ke nan, yankan nama da rina shi, kuma wannan tarkon ne masu jarrabawa suka fi so. Babu jikin ƙwayar jijiya ko ɗaya a ɓangaren baya, duk suna sama kamar yadda Dakta ya ce. Cibiyoyin da kike gani yawancinsu na fituyisait ne, wasu ƙwayoyi masu tallafa wa zaren, dangin waɗanda ke tallafe jijiyoyi a ƙwaƙwalwa. Sauran, waɗanda suka yi siriri suka miƙe, na bangon ƙananan jijiyoyin jini ne.

Abin da za ki nema shi ne ƙullin Herring. Ki fara da ƙaramin ido ki gano gefen da ya koɗe, sannan ki koma ido mai lamba 40. Ki riƙa juya ɗan makullin nan a hankali, za ki ga wani dunƙule ruwan hoda, sumul, ya ɗan fi cibiyoyin da ke kewaye da shi girma, amma shi ba shi da cibiya a cikinsa. Kumburin zare ne inda homon ya taru. Sau da yawa yana maƙale kusa da jijiyar jini. Kada ki rikita shi da jan ƙwayar jini: ita ta fi shi ja, ta fi shi ƙanƙanta, kuma a cikin bututu take da 'yan uwanta.

Gaskiyar magana, a gilasan makaranta da suka shekara goma ana murza su, wani lokacin sai ki share minti goma ba ki ga ko ɗaya ba. In an nuna da kibiya a jarrabawa dai, dunƙule ne mara cibiya a gefen da ya koɗe, kin san amsa.

Ɗan_Umdurman:
Ni abin da ke ba ni dariya sunan ne. Nukama ai kaki ne da majina. Malaminmu a Khartum, kafin yaƙi ya watsa mu, ya ce likitocin da, tun daga Jalinus, sun ɗauka ta nan ƙwaƙwalwa take tace majina ta zubo hanci. Sunan Turawan ma daga kalmar majina yake a Latin. Guddar da ke juya rabin jiki, an bar ta da sunan majina har yau.

Ummi_Jidda:
Na gode Yaya Auwalu, na goge. Amma har yanzu ba a ba ni wanda zai hau ba. In ɓangaren gaba ba ƙwaƙwalwa ba ne, kuma ya tsinke daga baki, ta yaya ma haifotalamas yake magana da shi? Zaren ne ke shiga can ma?

Dakta_MaiWurno:
A'a, nan ne abin ya yi daɗi. Da na baya yana magana ta zare, da na gaba kuma ta jini.

Ni a bakin Shuɗin Nilu na tashi, kusa da Sinnar, to da ruwan noma nake gane abin. Kogi yana wucewa kowa ya ɗiba, amma gonakin Jazira ba daga kogin kai tsaye suke sha ba, magudana aka haƙa musu daga madatsa. Haka ɓangaren gaba yake. Wata 'yar jijiyar jini, haifofisiyal ta sama, tana ɓallewa daga karotid ta ciki, ta je gindin haifotalamas daidai inda karan ya fara, ta watse ta zama ragar ƙananan jijiyoyi. A nan wasu ƙwayoyin jijiya masu gajeren zare suke zuba saƙonninsu cikin jinin. Maimakon jinin ya koma zuciya kamar yadda aka saba, sai ragar ta sake haɗewa ta zama 'yan magudanai, su gangaro ta jikin karan, su sake watsewa karo na biyu a cikin ɓangaren gaba. Wannan ake ce wa tsarin fotal. Amfaninsa, saƙon ɗan mitsitsi ne ƙwarai, da zai zagaya cikin lita biyar na jinin jiki da ya salance kafin ya iso.

Yawancin saƙonnin cewa suke yi a saki. TRH ya ce a saki TSH, CRH ya ce a saki ACTH, haka dai. Ƙwayoyin furolaktin kuwa halinsu daban. Su ba sa jiran a ce musu su yi, a kullum cikin yi suke, sai dai a hana su. Abin da haifotalamas ke aika musu dare da rana shi ne dofamin, linzami ke nan. Ki datse karan, kin cire linzami. Saboda haka furolaktin ya hau, sauran biyar su sauka.

Sadiku_Riyad:
Na sha ƙasa, na karɓa. Amma Dakta akwai abin da bai zauna mini ba. In jinin ɓangaren gaba duk ta karan yake zuwa, aka yanke shi, ai naman mutuwa zai yi. Mataccen nama ta ina zai ƙara furolaktin?

Dakta_MaiWurno:
Yanzu ka yi tambayar ɗalibi. Wani sashe yana mutuwa da gaske in an yanke tsaf. Amma ba duka jinin ke bin dogayen magudanan ba. Ɓangaren baya yana da tasa jijiyar kai tsaye, haifofisiyal ta ƙasa, kuma daga wajensa akwai gajerun magudanai da ke tsallakawa gaba. Su ke rayar da abin da ya saura, kuma abin da ya saura ɗin ba shi da linzami. Sannan a asibiti da wuya ka ga an yanke karan kamar da almakashi. Yawanci ƙari ne yake danne shi, jinin na wucewa amma ba yadda ya kamata ba.

Kai da ka rikice ma ba kai kaɗai ba ne. Popa da Fielding da suka bayyana magudanan nan a 1930 sun ɗauka jinin daga fituyitari yake hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Sai daga baya Geoffrey Harris da abokan aikinsa suka tabbatar saukowa yake. Harris ya ga in ya yanke karan a ɓera magudanan sukan sake tsirowa aiki ya dawo, sai da ya riƙa cusa ɗan guntun takarda tsakanin yankan kafin abin ya tsaya cak.

Abu_Hanif_Bawadi:
Salamu alaikum likitoci. Ni ba na cikin harkar lafiya, amma wannan magana ta dannewar kara ta taɓa gidanmu, bari in faɗa ko wani zai amfana.

Yayana direban gida ne a nan Jidda, shekara goma sha ɗaya yana tuƙi bai taɓa ko kwarzane ba. Bara sai ga shi a wata biyu ya fasa madubin gefe sau uku, biyu na dama ɗaya na hagu. Yana cewa masu baburan kai saƙon abinci ne suke ɓullo masa kamar aljanu, bai ga zuwansu ba sai sun iso gabansa. Kafilinsa har ya fara zargin barci yake yi a kan sitiyari. Ya je shagon tabarau ya karanta haruffan bango har layin ƙasa, aka ce idonsa lafiya lau. Sai wani likitan ido ya sa shi ya kifa kai a wata na'ura yana danna maɓalli duk sanda ya ga ɗigon haske. Takardar ta fito, kowane ido rabinsa na waje baƙi ƙirin. Aka yi MRI, ƙari santimita 2.4 a fituyitari. Furolaktin ɗinsa 68.

Asibitin farko suka ce ƙarin furolaktin ne, ƙwaya ma ta isa, suka ba shi kabagolin. Ya sha wata biyu. Furolaktin ya sauko zuwa 5, muna ta murna, amma ido bai canja ba, aka sake hoto ƙarin yana nan yadda yake. Likita na biyu da ya duba takardun ya girgiza kai ya ce ba ƙarin furolaktin ba ne tun farko. Ni har yau ban gane ba, tunda ga shi lambar ta hau kuma magani ya saukar da ita.

Nas_Binta_Ɗaif:
Allah sarki. Allah ya ƙara masa lafiya. Maganar idon dai mai sauƙi ce: mahaɗar jijiyoyin gani tana saman fituyitari kaɗan, bai fi santimita ɗaya ba. Ƙasa da gaba da baya ƙashi ne, to in ƙari ya girma sama ya fi samun hanya. Zaren da ke tsallakawa a tsakiyar mahaɗar su ne masu ɗauko ganin gefen waje na kowane ido, su ake fara dannewa. Shi ya sa yake karanta allo lafiya amma ba ya ganin babur.

Dakta_MaiWurno:
Malam Abu Hanif, labarin yayanka shi ne amsar tambayar Ummi a jikin mutum. A namiji furolaktin bai kamata ya wuce wajen 20 ba, to 68 ya hau. Amma a auna hawan da girman ƙarin. Ƙarin da ƙwayoyin furolaktin suka gina, in ya kai santimita biyu da wani abu, lambar takan wuce 200, sau da yawa ma ta shiga dubbai, don kowace ƙwaya a cikinsa zubarwa take yi. Ƙato haka da 68 kacal, alama ce ba shi ke yi ba. Danne karan ya yi, dofamin ya ragu, lafiyayyun ƙwayoyin da ke gefe suka samu sake. Irin wannan hawan yawanci ba ya wuce 100.

Kabagolin aikin dofamin yake kwaikwaya. Ya mayar wa lafiyayyun ƙwayoyin linzaminsu, lamba ta faɗi, shi kuwa ƙarin ko a jikinsa. Ba zan yanke wa likitan farko hukunci ba tunda ban ga takardun ba, kuma akwai lokacin da na'urar awo takan ba da ƙaramar lamba alhali furolaktin ɗin ya yi yawan da ya fi ƙarfinta, sai an sirka jinin an sake aunawa. Amma mutum yana rasa gani, wata biyu jira ne mai tsada.

Maman_Walid:
Innalillahi. Ni fa 'yar ƙanwata an auna mata harmonul halib, furolaktin ɗin nan, an ce 900. Ke nan nata ya fi na wannan bawan Allah sau goma? Ƙari ne da ita?

Auwalu_Lab:
Hajiya kwantar da hankalinki, duba abin da aka rubuta a gaban lambar. Ɗakunan gwaji a nan ma'auni biyu suke amfani da su. In ng/mL ne, to 900 babba ce. In mIU/L ne sai a raba da 21, ya zama wajen 43, wato ya ɗan hau ne kawai. Ciki yana kawo haka, shayarwa, wasu magungunan amai da na ƙwaƙwalwa, har raunin guddar wuya irin taki. Ta koma wa likitanta da takardar.

Maman_Walid:
Na duba hoton da ta turo mini, na biyun ne. Alhamdu lillahi. Allah ya yi muku albarka.

Abu_Hanif_Bawadi:
Na gode Dakta, yau na gane. Ƙarshenta dai aiki aka yi masa, kuma ta hanci, ko aski ba a yi masa ba. Abin da ya tsorata mu bayan aikin ne. Kwana ɗaya da fitowa sai fitsari kamar an buɗe famfo, fari tas kamar ruwa, nas ta ce ya kai lita shida a yini. Ƙishirwa kuwa, ruwan ƙanƙara kawai yake so, galan ɗin Zamzam da muka kawo masa na tabarruki a dare ɗaya ya tashi da shi. Wani ɗan uwanmu ya ji an ce sukkari kazib ya kira gida ya ce ciwon suga ya kama shi. Bayan kwana huɗu ya tsaya, aka sallame mu. A rana ta bakwai kuma sai ciwon kai da tashin zuciya, muka koma, aka ce gishirin jininsa ya sauka 127, aka hana shi shan ruwa fiye da lita ɗaya. Mutumin da jiya ake ce masa sha, yau an ce kada ya sha.

Nas_Binta_Ɗaif:
Ta hancin saboda ƙasan sirdin akwai wani kogon iska a cikin ƙashi da ke buɗewa ta bayan hanci, ta nan ake bi a ɓullo wa guddar ta ƙasa ba a taɓa ƙwaƙwalwa ba. Ta gefe ba a wasa, karotid na nan dama da hagu.

Fitsarin kuwa aikinmu ne, kowace awa muke aunawa. In ya wuce mililita 300 a awa, awa biyu ko uku a jere, kuma ya tsinke, sodiyam na hawa, mun san ADH ya tsaya. Babu ruwansa da suga, sunan ne kawai, shi ya sa ma Larabawa suka ce na ƙarya. An taɓa karan ko ɓangaren baya ne lokacin aiki, zaren suka suma, ƙoda ta kasa riƙe ruwa. Abin da ya same shi a rana ta bakwai kuma siton Dakta ne ya fashe: zaren da suka lalace suka zubar da ADH ɗin da ke ajiye ba tare da umarni ba, jiki ya riƙe ruwa, gishiri ya salance. Shi ya sa muke ce wa duk wanda aka sallama ya dawo a auna sodiyam wajen mako guda, ko da yana jin garau. Wasu ba sa dawowa sai an kawo su a rikice.

Ummi_Jidda:
To Anti Binta, ashe a jarrabawa in rubuta ADH zai sauka har abada ko na ɗan lokaci?

Dakta_MaiWurno:
Rubuta cewa ya danganta da inda aka yanke. Tunda masana'antar tana sama, in yankan ƙasa-ƙasa ne, ko ma siton kaɗai aka cire, ƙwayoyin suna rayuwa, su ci gaba da sakin homon daga bakin zaren da ya rage, fitsarin ya daidaita. In yankan sama ne kusa da jikin ƙwayoyin, mutuwa suke bi da baya. Sai an rasa kamar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari kafin ciwon ya zauna dindindin, mutum ya koma kan desmofiresin, maganin da ke maye gurbin ADH. Yayan Abu Hanif da alama bai kai nan ba.

Abu_Hanif_Bawadi:
Bai kai ba, alhamdu lillahi. Idon dama ya dawo sosai, na hagu da saura kaɗan. Tuƙi dai bai koma ba tukuna.

Ungozoma_Madani:
Ni tawa gudummawar daga ɗakin haihuwa ce. Lokacin da nake aiki a Wad Madani an kawo mana wata daga ƙauye, ta haihu a gida ta zubar da jini sosai, da ƙyar aka ceto ta. Bayan wata bakwai ta dawo, ba nono tun ranar haihuwa, al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata ya zube, kullum sanyi da kasala. Dangin miji sun ce maita ce. Ciwon Sheehan ne. A lokacin ciki ƙwayoyin furolaktin suna yawaita, guddar takan kusa ninka girmanta a cikin wannan ɗan sirdin, ga shi ruwan magudana take sha mara ƙarfi. Jini na faɗuwa ita ce farkon bushewa. Amma matar nan ba ta da yawan fitsari ko kaɗan, ɓangaren baya yana da tasa jijiyar. Kuma a nan furolaktin ƙasa ya yi, ba sama ba, don masu yin sa ne suka mutu. Ummi ki riƙe bambancin nan, malamai suna son haɗa su a tambaya ɗaya.

Sadiku_Riyad:
Anti, ni na ji an ce wasu masu Sheehan ɗin ma suna samun matsalar ADH, sai dai ba ta fitowa fili saboda rashin kotisol yana ɓoye ta, sai an fara ba su magani fitsarin ya ɓalle.

Ungozoma_Madani:
Yana yiwuwa ɗana, ni dai a waɗanda suka biyo ta hannuna ban gani ba.

Ummi_Jidda:
Ku yi haƙuri in dawo da mu kan gilashi, Lahadi na matsowa. Gefen atamfar fa? Ja da shunayya da waɗanda ba su ɗauki rini ba, wane ne wane?

Auwalu_Lab:
Ja ko ruwan hoda mai ƙarfi su ne asidofil, masu yin GH da furolaktin. Masu shunayya basofil ne: ACTH, TSH, FSH da LH. Waɗanda suka ƙi rini kuromofob, yawancinsu ƙwayoyin da suka riga suka zazzage kayansu ne. Da rinin yau da kullum iyakar abin da za ki iya faɗa ke nan. Duk wanda ya nuna miki jar ƙwaya ya ce wannan ta GH ce ba ta furolaktin ba, cika baki yake, sai da rinin musamman mai kama homon ɗin kansa. Ki lura cibiya kowace shuɗiya ce, launin jikin ƙwayar ake dubawa, ɗalibai da yawa a nan suke zamewa su ce komai basofil ne.

Tsakanin gefen biyu kuma za ki iya ganin 'yan ramuka cike da wani abu sumul ruwan hoda. Ragowar aljihun Rathke ne. Wani ɗalibi ya taɓa ganinsu ya rubuta tayirod, aka ba shi sifili.

Malam Abu Hanif, in ka duba rahoton naman yayanka ina jin za ka ga an ambaci retikulin. Rinin azurfa ne da ke fito da wasu baƙaƙen zare. A lafiyayyar gudda zaren suna kewaye ƙwayoyi gungu-gungu kamar saƙar zuma, kowane gungu launi gauraye. A ƙari saƙar ta wargaje, ƙwayoyin duk iri ɗaya kamar buhun gero. Da haka muke rarrabewa, don guntun da ake kawo mana daga tiyata wani lokacin bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Abu_Hanif_Bawadi:
Na ɗauko. Akwai wannan kalmar, akwai kuma FSH da alamar tarawa a gabanta.

Sadiku_Riyad:
To ke nan basofil ne ƙarin. Amma me ya sa aka ce ba ya yin homon?

Auwalu_Lab:
Daga dangin masu FSH yake, amma irin waɗannan a rinin farko a koɗe suke fitowa, kuma ɗan abin da suke yi ba ya isa ya yi aiki a jiki. Shi ya sa ba a gane su sai sun girma sun taɓa ido. Rabon launi uku ɗin nan na lafiyayyen nama ne, a ƙari ba a dogara da shi.

Ɗan_Umdurman:
Ni dai bayan duk wannan, ra'ayina ɓangaren baya bai cancanci a kira shi gudda ba. Abin da ba ya ƙera komai. A mayar wa ƙwaƙwalwa kayanta.

Nas_Binta_Ɗaif:
Ya zol, daga ina homon ɗin yake shiga jini? Daga can. To gudda ce. Ka zo ka kwana kana auna lita shida sannan ka ce ba ta yin komai.

Ɗan_Umdurman:
Famfo ma daga shi ruwa yake fita Anti, ba a ce masa rijiya.

Ummi_Jidda:
Ku ci gaba da wannan, ni na tafi zane. Yaya Auwalu tambaya ta ƙarshe: a gilashinmu na ga wasu ƙwayoyi masu shunayya sun kutsa cikin gefen da ya koɗe, kusa da ramukan nan. In aka sa kibiya a kansu me zan ce?

Auwalu_Lab:
Basofil ne masu ACTH da suka tsallaka iyaka, ana ganin haka, ya fi yawa a tsofaffi, ba ciwo ba ne. Turo hoton ta wayarki in gani, ki ɗora kyamarar a kan idon maikiroskof ɗin, amma ki goge shi tukuna.